Kafin Ka Yanka wa Ɗan'uwanka na Ƙetare Tikiti da Katinka

Ƙannena samari da 'yan mata na Daura da Sandamu da Mai'adua da Zango da Baure, akwai wani aiki da ya faɗo wuyanku ba tare da kun nema ba. Gidaje da yawa a ƙasar nan suna da wani nasu a ƙetare: ɗalibi a Alƙahira ko Madina ko Indiya, ma'aikaci a Jidda ko Riyad, ko wata yaya da aure ya kai ta nesa. Ranar da aka ce a dawo da shi gida, saboda rashin lafiyar tsoho ko biki ko ƙarewar biza, ba dattijon gidan za a kira ba. Kai za a kira, saboda kai ne mai babbar waya da katin banki, kai ne aka sani da iya latse-latse. Aikin zumunci ne mai lada, kuma ina so ku yi shi. Sai dai akwai wani rami a tsakiyarsa da yawancin mutane ba sa gani sai sun faɗa: kuɗi sun fita daga asusunka a Daura, ɗan'uwanka ya isa filin jirgi da kayansa, ma'aikacin kanta ya dube shi ya ce ya nuna katin da aka biya kuɗin da shi. Katin kuwa yana aljihunka, tsakaninku da shi akwai sahara da teku.

Wanda abin ya taɓa samu yakan ɗauka wulaƙanci ne kawai ake yi wa mai koren fasfo. Ba zan ce babu raini a wasu wurare ba, amma asalin maganar lissafin kuɗi ne, kuma idan ka gane lissafin ka gane maganinsa. Duk wanda ya san karar Mai'adua ya san dalilin da ya sa mai saye yake neman dillalin da ya san mai saniya. Idan ta sata ce, ranar da mai ita ya bayyana za a karɓe ta, mai saye ya rasa saniya ya rasa kuɗi. Haka kamfanin jirgi yake da kuɗin kati. Idan aka biya ta intanet da katin sata, mai katin na gaskiya yana da damar kai ƙara bankinsa, a ƙa'idar Visa da Mastercard yawanci har kwana 120, banki kuma ya janye kuɗin daga hannun kamfanin. A lokacin fasinja ya daɗe da sauka ya shige gari. Saboda haka kamfani yake son ya tabbata, tun jirgi bai tashi ba, cewa mai katin ya sani kuma ya yarda. Kamfanoni irin su Ethiopian da Qatar da Emirates sun rubuta a sharuɗɗansu cewa suna da ikon neman a tantance katin da aka biya da shi, kuma idan ka latsa alamar amincewa kafin biya, ka amince da wannan ma, ko ka karanta ko ba ka karanta ba.

Ba kowane tikiti ake tsarewa ba. Na'urar kamfanin ce take auna kowane ciniki ta ba shi maki, kuma abin takaici shi ne cinikinmu na halal yana kama da na ɓarawo ta kowace fuska. Katin na Nijeriya ne, tafiyar kuma daga wata ƙasa za ta faro. Tikitin na zuwa ne kawai babu dawowa. An saye shi saura kwana biyu ko uku a tashi, domin mu sai gaggawa ta taso muke saye. Sannan ga sunaye. A wurinmu ba abin mamaki ba ne uwa ɗaya uba ɗaya, wannan ya sa sunan mahaifi a fasfo, wancan ya sa na kaka, na ukun ya sa Daura ko Zango a matsayin sunan ƙarshe, mace kuma ta riƙe sunan mahaifinta bayan aure. Na'ura ba ta san zumunci ba; abin da ta gani shi ne baƙo ya biya wa baƙo. Idan kuma ka kunna manhajar da ke ɓoye inda kake, wayarka ta nuna kana Turai alhali katinka na Katsina ne, ka ƙara wa kanka zargi da hannunka. Ka kashe ta kafin ka fara.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. A ce ƙanenka yana karatu a Alƙahira, jikin Baba ya tsananta, ranar Litinin aka ce ya taho. Ka samu kujera a jirgin daren Alhamis zuwa Kano, a ce dala 450. Ka shigar da sunansa, ka shigar da lambobin katinka, banki ya turo maka OTP ka sa, alat ya shigo cewa kuɗi sun fita. A nan yawancinmu muke ajiye waya mu ce alhamdulillahi, a kira Alƙahira a ce an gama. Ba a gama ba tukuna. Alat shaida ce cewa bankinka ya riƙe kuɗi, ba shaida ba ce cewa kamfani ya ba da tikiti.

Abu biyu ne kamfani yake bayarwa, kuma dole ka iya rarrabe su. Na farko lambar ajiye kujera, wadda ake kira PNR, haruffa da lambobi guda shida a gauraye. Ita kaɗai tana nufin an rubuta sunan mutum ne, kuma tana iya gogewa idan wa'adinta ya cika. Na biyu lambar tikiti, mai lambobi 13, wadda ukun farkonta suke nuna kamfanin da ya fitar da ita: 077 na EgyptAir ne, 071 na Ethiopian, 157 na Qatar, 065 na Saudia. Idan takardar da aka turo maka babu waɗannan lambobi 13, ƙanenka ba shi da tikiti, komai kyan takardar. Ka shiga shafin kamfanin na ainihi, wurin da yawanci aka rubuta `Manage Booking`, ka sa PNR da sunan ƙarshe na fasinja, ka ga lambar da idonka. A wannan shafin ne, ko a ƙasan takardar tikitin, ake rubuta gargaɗin cewa za a nemi kati a filin jirgi. Rubutun ƙanana ne, da Turanci, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci a takardar.

Wani lokaci gargaɗin ta imel yake zuwa, sa'o'i kaɗan bayan biya, ana neman mai kati ya tabbatar da kansa cikin ɗan gajeren wa'adi, in ba haka ba a soke tikitin. A nan ne sakaci yake cin mutane. An sa adireshin imel na yaron shagon kwamfuta da ya taya cikewa, ko wani tsohon adireshi da an manta mabuɗinsa, ko saƙon ya faɗa akwatin tarkace babu wanda ya leƙa. Ranar Alhamis ƙanenka ya isa filin jirgin Alƙahira, aka duba, aka ce tikitin an soke shi tun ranar Talata. Saboda haka ka sa imel ɗin da kai kanka kake buɗewa kullum, ka sa lambar wayar fasinja ta ƙasar da yake, sannan ka riƙa leƙa akwatin safe da yamma har ranar tashi.

To idan an nemi tantancewa, me za ka yi daga Daura? Hanyoyin sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, shi ya sa nake so ka tambaya tun kafin ka biya. Ka kira su ko ka rubuta musu, ka faɗi maganar yadda take: ni ne mai kati, ina Nijeriya, ba na cikin tafiyar, ƙanena zai tashi daga gari kaza, me kuke buƙata? Ka nemi amsar a rubuce. Wasu za su ce ka ɗora hoton katin da na shaidarka a shafinsu. Wasu za su ce fasinja ya riƙe kwafin katin da takardar izini mai sa hannunka. Kamfanonin Indiya kamar Air India sun daɗe da wannan tsari, abin da ya kamata masu 'yan'uwa a asibitoci da jami'o'in can su sani. Wasu kuwa za su ce sai mai kati ya je ofishinsu da kansa, da katin da fasfonsa ko katin ɗan ƙasa. A Daura babu irin wannan ofishi. Ma'anarsa ka kama hanyar Kazaure zuwa Kano, a ranar aiki, cikin lokacin aiki, kuma idan kamfanin ba shi da ofishi a Kano sai Abuja ko Legas. Wanda ya biya da daren Juma'a don jirgin Lahadi ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Idan kwafin kati aka nema, ku kula sosai da yadda ake yin sa. Katin yana da lambobi 16 a jikinsa. Kamfani shidan farko da huɗun ƙarshe yake buƙata, tare da sunanka. Shidan tsakiya ka rufe su da takarda kafin ka ɗauki hoto. Lambobi ukun nan na bayan kati, CVV, ka rufe su ruf, babu wanda yake da haƙƙin ganinsu. Takardar izinin kuma gajeriya ce, da Turanci domin ma'aikacin can ya iya karantawa: sunanka kamar yadda yake a katin, cewa ka yarda an yi amfani da katinka mai ƙarewa da lambobi kaza don sayen tikitin wane, da lambar fasfonsa, da PNR, da ranar tafiya da hanyarta, da lambar wayarka, da sa hannu da kwanan wata. Ka haɗa da hoton shaidarka. Ƙanenka ya buga su a takarda ya riƙe, kada ya dogara da waya da cajinta ke iya ƙarewa a layi. Amma ku gane iyakar wannan takarda: tana aiki ne a inda kamfani ya ce yana karɓarta. Inda ya ce sai kati da mai kati, takarda ba za ta buɗe ƙofa ba.

Na ji wasu suna ba matafiyi katin ya kai wa ɗan'uwa can. Kada ku yi. Sunan da ke jikin katin ba nasa ba ne, don haka bai warware komai ba, sai ma ya jawo masa tambayar yadda aka yi katin wani ya zo hannunsa, kai kuma ka saɓa yarjejeniyarka da banki. Haka nan katin dala na cikin waya, wanda ba shi da jiki, da matasa da yawa suka koma wa lokacin da bankuna suka rage kashe kuɗin waje da katin naira zuwa dala 20 a wata a 2022, daga baya suka rufe gaba ɗaya. Irin wannan kati yana iya biya, amma ranar da aka ce a nuna shi babu abin nunawa, kuma idan kuɗi suka dawo, bin sawunsu ya fi wuya. A Yulin 2025 wasu bankuna sun sake buɗe katin naira ga sayayyar waje, kowanne da iyakarsa. Ka tambayi bankinka iyakar taka kafin ka fara, domin biyan da ya wuce iyaka yakan tsaya a tsakiya. Idan hakan ta faru, aka cire kuɗi babu tikiti, kada ka sake biya nan take cikin ruɗani. Ka fara duba ko lambar tikiti ta fito, ka kira kamfanin da PNR. Kuɗin da aka riƙe sukan dawo, amma sukan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma wanda ya biya sau biyu yakan wayi gari da tikiti biyu na mutum ɗaya.

Mu koma daren Alhamis. A ce duk da haka an tsare ƙanenka a kanta. Abin da zai cece shi lokaci ne. Yawancin kamfanoni suna rufe kantar jiragen ƙasa da ƙasa kimanin sa'a ɗaya kafin tashi, don haka wanda tikitinsa na katin wani ne ya isa da sa'a huɗu a hannu. Kai kuma ka zauna kusa da wayarka, da caji da data da katin a gabanka, ka lissafa bambancin agogo: Saudiyya tana gabanmu da sa'a biyu, Masar da ɗaya, lokacin zafi biyu. Shi ya yi magana da ladabi, ya nemi shugaban ma'aikatan kanta, ya nuna takardunsa, ya ce mai katin yana kan waya. Ɗaga murya ba ya sauya abin da ke cikin na'ura. Idan an ƙi, abin da aka saba ce wa fasinja shi ne ya sayi sabon tikiti a nan take da kuɗinsa, kuma farashin ranar tashi yakan kasance mafi tsada. Kujerar dala 450 tana iya zama ta dala 900. Kafin ya biya, ya nemi a soke tsohon tikitin a rubuta dalilin a cikin bayanan tafiyar tun jirgi bai tashi ba. Idan bai yi haka ba, na'ura za ta rubuta shi a wanda bai zo ba, a ci shi tara, kuma idan tikitin na zuwa da dawowa ne, ɓangaren dawowar ma ya rushe. Ga wanda yake Saudiyya da bizar fita ta ƙarshe, wadda wa'adinta kwana 60 ne, rasa jirgi a kwanakin ƙarshe ya wuce asarar kuɗi, ya zama matsala da hukuma.

Ra'ayina, bayan duk wannan: idan tafiyar ta gaggawa ce, saura ƙasa da mako guda, kada ka sa katinka a ciki ko kaɗan. Ko dai ka tura wa ɗan'uwanka kuɗin ta halastacciyar hanya ya saya da kansa a ofishin kamfanin a can, ko ka je wurin ejan na gaskiya a Katsina ko Kano, mai ofishi da rajista da IATA, ka biya shi da taransifa, ya ba ka rasit da lambar tikiti. Tikitin da ejan ya fitar da kuɗin hannu ko taransifa ba shi da katin da za a nema a filin jirgi. Za ka biya shi ladan aikinsa, kuma wannan ladan ya fi sauƙi a kan tikiti na biyu. Ka faɗa masa tun farko cewa tafiyar daga waje za ta faro, saboda a shekarun da kuɗin kamfanonin jiragen waje suka maƙale a Nijeriya, har suka haura dala miliyan 800 a 2023, kamfanoni da dama sun taƙaita sayar da irin wannan tikiti da naira. Shi zai duba ya gaya maka abin da ke yiwuwa yau. Ka kuma tambaye shi kai tsaye: da me za ka biya kamfanin? Idan da wani kati zai biya a shafin intanet, to kun dawo inda kuka fito.

Wannan tambayar ta kawo ni ga abin da ya fi damuna. Akwai masu tallan tikiti a zaurukan WhatsApp da rabin farashi, ba ofishi ba rasit. Araha ba ta ado. Yadda da yawa daga cikinsu suke yi shi ne su karɓi kuɗinka na halal, su sayi tikitin da katin sata. Tikitin zai fito da lambobinsa 13, ka duba ka gan shi daram, sai ranar tafiya ko ranar dawowa a ce an soke. Wanda yake tsaye a gaban jami'ai a lokacin ba ɓarawon ba ne, ɗan'uwanka ne, kuma 'yan sandan ƙasashe, ƙarƙashin jagorancin Europol, sun sha yin samame a filayen jirage suna tsare masu irin wannan tikiti. Juyin abin ma yana nan. Wani zai zo maka, wataƙila abokin aboki, ya ce katinsa ba ya aiki, zai turo maka kuɗi ka biya wa wata yarinya tikitin Jidda ko Alƙahira, ya ɗora maka ɗan goro. Ba ka san daga ina kuɗin suka fito ba, ba ka san wa zai tarbe ta ba. Mu da muke zaune a bakin iyaka, da Kwangwalam a ƙofar gida, mun san ba kowace tafiya ce ta alheri ba. Idan ta zama safarar mutane, sunan da masu bincike za su fara gani a takardar biya naka ne, da BVN ɗinka a bayansa. Katinka ka biya wa wanda ka sani, ka san iyayensa, ka san dalilin tafiyarsa. OTP kuwa ko ɗan'uwanka na jini bai kamata ya ji shi daga bakinka ba. Kai za ka sa shi da hannunka.

Saura maganar da takan ɓata zumunci bayan komai ya wuce. Idan aka soke tikiti, kamfani yana mayar da kuɗi ne zuwa katin da aka biya da shi, ba hannun fasinja ba, ba kuma wani asusun da ka zaɓa ba. Sau da yawa kuɗin karo-karo ne, Kawu ya kawo, Yaya ta sayar da tunkiya, kai aka damƙa wa. Idan sun dawo ba za su dawo cif ba: an cire tarar sokewa, farashin dala ya motsa tsakanin ranar biya da ranar mayarwa, kuma ana iya yin makonni ana jira. Wanda bai san haka ba zai zaci ka ci. Don haka tun ranar farko ka tara masu kuɗin, ka karanta musu sharaɗin tikitin, ko ana mayar da kuɗinsa ko ba a mayarwa, ka ajiye alat da rasit da imel wuri guda, duk abin da ya shigo ka nuna musu a ranar. Kada ka rufe asusun ko ka watsar da katin kafin maganar ta ƙare. Kuma komai fushin da ka yi da kamfani, kada ka je banki ka ce ba ka san cinikin ba alhali kai ka yi shi. Ƙarya ce, kuma idan ƙanenka bai riga ya yi amfani da ɓangaren komawa makaranta ba, kamfani yana iya soke shi.

Sunan fasinja ma ka rubuta shi daga hoton fasfonsa, harafi bayan harafi, kada ka rubuta daga ka. Muhammad da Mohammed suna ɗaya ne a wurinmu, a wurin na'ura mutum biyu ne, gyara yana iya cin kuɗi, kuma tikiti ba ya komawa sunan wani.

Ku da kuke da ɗan'uwa a ƙetare yanzu, kada ku jira ranar da za a kira ku da tsakar dare. A makon nan ku karɓi hoton fasfonsa ku duba ranar ƙarewarsa, ku tambayi banki iyakar katinku ta waje, ku nemi ejan ɗaya amintacce a Katsina ko Kano ku ajiye lambarsa, ku kuma tambayi kamfanin da ɗan'uwanku ya saba hawa abin da yake buƙata idan mai kati ba ya cikin tafiya. Allah ya dawo mana da matafiyanmu lafiya.